Labarin Zuwaira: ta ina sikila ta shigo gidan?

Malama_Rabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta gajeren labari don 'yan shekara 13 zuwa 17, ina so masu sani su duba min lissafin gadon da ke cikinsa kafin in ci gaba.

Ga yadda yake. Zuwaira 'yar shekara sha biyar ce, su huɗu ne a wurin iyayensu: yayanta Nura, ita, ƙaninta Habibu mai shekara tara, da jaririya. Habibu kaɗai ke da sikila. Kakarsu ta wajen uba ta kafe cewa daga dangin uwar ciwon ya zo, domin ƙanin uwar ya rasu da shi yana saurayi. Uban kuma kullum cewa yake shi an taɓa gwada shi, jininsa lafiya lau. Ga ɗan abin da na rubuta:

"Daren ya raba, Habibu bai daina kuka ba. Umma tana ɗumama masa ƙafafu da tawul, tana matsewa tana sake tsomawa. Daga bakin ƙofa Kaka ta ce, ba da ƙarfi ba, amma yadda kowa zai ji: 'Mu dai a zuriyarmu ba a san wannan ba.' Hannun Umma ya tsaya cikin ruwan. Ba ta ɗago ba. Zuwaira ta ga yadda ta cije leɓe ta ci gaba da matse tawul ɗin."

Abin da nake so a ƙarshe shi ne Zuwaira ta gano cewa ta ɓangarori biyu abin ya zo. Tambayata biyu. Shin zai yiwu ciwon ya ɓuya a dangin uba tsawon zamani biyu ko uku ba wanda ya yi shi? Kuma yaya zan yi da maganar uban cewa an gwada shi, ba tare da na mai da shi maƙaryaci ba?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara basira. Wurin tawul ɗin nan ya taɓa ni. Lissafinki daidai yake, ai ɗaya cikin huɗu ne. 'Ya'ya huɗu, ɗaya mai sikila, biyu AS, ɗaya AA. Tunda Habibu ya riga ya ɗauka, jaririyar ta tsira ke nan, sai ki rufe labarin da wannan albishir.

Jummai_Lab:
Malam Abu_Sadiq, don Allah kar ta rufe shi haka. Wannan fahimtar ce ta sa iyaye da yawa suke sakin jiki. Ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ciki yake, ba a kan jimillar 'ya'ya ba. Cikin da ya zo bayan Habibu bai san an haifi Habibu ba.

Malama Rabi, bari in bi miki shi a hankali, aikina ke nan a ɗakin gwaje-gwaje. Kowane mutum yana da ƙwayar gado biyu da ke tsara irin himogulobin ɗin da ke cikin jininsa, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS yana da lafiyayya ɗaya da ta sikila ɗaya, kuma lafiyayyar ta ishe shi ya rayu kamar kowa. Idan zai haihu, guda ɗaya tak yake miƙa wa ɗan, ko A ko S, ba shi da zaɓi. To idan uwa AS ce uba AS, hanyoyi huɗu ne: A da A, A ta uwa da S ta uba, S ta uwa da A ta uba, sai S da S. Ta ƙarshen ce Habibu. Kowane ciki daga farko ake sake wannan rabon.

Shi ya sa za ki ga gida 'ya'ya shida ba mai ciwon ko ɗaya, wani gidan kuma uku a jere duk SS, alhali iyayen duka AS da AS ne. Idan kika lissafa, damar a haifi huɗu ba SS a cikinsu ita ce 81 cikin 256, wato ƙasa kaɗan da ɗaya cikin uku.

Abu_Sadiq:
To Malama Jummai, in haka ne me ya sa ake zana akwatin nan mai gida huɗu a makaranta? Mu haka muka ɗauke shi, kowane gida ɗa ɗaya.

Jummai_Lab:
Gidajen huɗun nan abin da zai iya samun ɗa guda ne, ba sunayen 'ya'ya huɗu ba.

Ummu_Khairat:
Ni shaida ce. 'Ya'yana uku, ta fari da ta biyu duk SS, na ukun AA. Bayan ta farin har ce min aka yi in kwantar da hankalina, na riga na biya nawa kason. Malama Rabi, abu ɗaya nake roƙonki: uwar nan kar ki bar ta ta yi shiru har ƙarshen labari. Shirun da kika rubuta gaskiya ne, na san shi, amma yarinyar da za ta karanta ta ga ranar da uwar ta buɗe baki.

Ɗan_Bello:
Ni fa a sanina wannan ciwon ta wajen uwa yake bi, kuma maza yake kamawa. Akwai wani abokina, shi da kawunsa duk suna da shi, in suka ji rauni jinin ba ya tsayawa. 'Yan'uwansa mata kuwa ba abin da ya same su. To ashe kakar tana da gaskiya.

Nas_Hauwa:
Ɗan_Bello, wancan wani ciwo ne daban, himofiliya, matsalar daskarewar jini. Shi kam haka yake, uwa ke ɗauke da shi ta miƙa wa 'ya'yanta maza galibi. Sikila ba ruwanta da namiji ko mace, kuma ba ta bayyana sai an samu daga uwa an samu daga uba. Amma ka taimaki Malama ba ka sani ba, domin irin tunanin da kakar za ta yi ke nan. Ta ga kawu ya yi, ta ga ɗan 'yar'uwarsa ya yi, sai ta haɗa. Ba mugunta ba ce tsantsa, abin da idonta ya gani ne.

Jummai_Lab:
Sai tambayarki ta farko. E, yana ɓuya, kuma yana daɗewa. Mai AS idan ya auri mai AA ba za su haifi SS ba, amma kowane ɗa yana da damar rabi ya fito AS. Haka S za ta yi ta sauka daga kaka zuwa ɗa zuwa jika, kowa yana harkarsa lafiya, har ranar da ta haɗu da wata S daga wani gida. Don haka kakar tana iya rantsuwa ba ta taɓa ganin ciwon a danginta ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ɓangaren uwar a bayyane yake. Tunda ƙaninta SS ne, to mahaifinta da mahaifiyarta kowanne yana ɗauke da S. Na uban ne za ki gina. S ɗin da ya ba Habibu daga ɗaya cikin iyayensa ya same ta, ko daga Kaka ko daga mijinta.

Alƙalamin_Dare:
Ni ta fuskar rubutu zan yi magana. Idan S ɗin daga marigayi mijin Kaka ta fito, labarin ya yi sanyi, an ɗora wa wanda ba ya nan. Ki sa ta fito daga Kaka da kanta. Kuma ki ba ta abin da ta binne a zuciya: wata 'yarta da ta rasu tana shekara biyu ko uku, kafin a haifi uban su Zuwaira, hannuwanta da ƙafafunta suna kumbura tana kuka ba a san dalili ba. Ba likita ne zai faɗa ba. Zuwaira ce za ta nuna mata hoton Habibu yana jariri da kumburarrun yatsu, sai tsohuwar ta yi shiru ta ce ta taɓa ganin hannu irin wannan.

Nas_Hauwa:
Wannan ya zauna a likitance. Kumburin bayan hannu da na ƙafa mai zafi yana cikin alamun farko da ake gani ga yara ƙanana masu sikila, tun daga wajen wata shida zuwa shekara biyu ko uku. Kuma a inda ba a gano ciwon da wuri ba, yara da yawa suna tafiya kafin shekara biyar, sau da yawa saboda zazzaɓi mai tsanani ko jini ya ƙare farat ɗaya, saifa ta kumbura ta tara jinin. Iyaye sai su ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta, ba wanda ya kira sunan sikila.

Jummai_Lab:
Ya zauna, amma a lura da abin da yake jawowa. Idan yarinyar nan SS ce, to ba Kaka kaɗai ba, har mijinta yana ɗauke da S. Ke nan ba za a iya cewa lallai S ɗin uban daga Kaka ta zo ba, tana iya zama ta mahaifinsa. Kuma yarinyar ba a taɓa gwada ta ba, zato ne. Abin da labarin zai iya tabbatarwa shi ne a gwada Kaka. In ta fito AS, zaton ya yi ƙarfi. In ta fito AA, to waccan yarinyar ba SS ba ce, kuma S ɗin uban daga mahaifinsa take. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai, domin akwai yaran da za su zauna da biro su bi salsalar gidan.

Malama_Rabi:
Na gode ƙwarai. Zan sa a gwada ta ta fito AS. Sai dai ina jin tsoron kar ya zama na ɗauke laifi daga kan uwa na ɗora wa tsohuwa. Ba nufina ke nan ba. Har yanzu kuma maganar uban tana nan.

Sani_Injiniya:
Maganar uban mai sauƙi ce, ki ce an gwada shi AA, asibiti suka yi kuskure. Yana faruwa. Ni kaina wani wuri sun ba ni AA, wani wurin AS, sai na uku ne ya raba gardama, AS ne.

Hajiya_Binta:
A'a Malam Sani, a yi hattara da wannan. Ka rubuta uba AA da ɗa SS a labarin da matasa za su karanta, kafin su kai shafin da aka ce kuskure ne, zuciyarsu ta riga ta tafi wani wuri game da uwar. Kuma akwai matan da aka yi wa wannan zargin a zahiri saboda takardar gwaji guda ɗaya. In za a taɓo shi, sai an ba shi haƙƙinsa, ba a gajeren labari ba.

Jummai_Lab:
Ina tare da Hajiya. Kuskuren gwaji yana faruwa, ko a musanya samfur, ko a karanta sakamako ba daidai ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika ji ba: mutum yana iya ɗauke da ƙwayar talasimiya, wani ciwon jini na gado, gwajin da aka saba yi ya nuna shi kamar AA, ya haifi ɗa da mai AS, ɗan ya zo da ciwo irin na sikila sak. Amma wannan ya yi wa labarinki nauyi.

Ga wadda na fi gani da idona, kuma ita zan ba ki shawara. Uban ya taɓa ba da gudummawar jini, aka ba shi kati an rubuta A+. Shi tun daga ranar ya riƙe cewa shi "A" ne, da ya ji ana cewa AA sai ya ɗauka shi ne. Rukunin jini daban, jinotayif, wato AA, AS ko SS, daban. Rukunin jini, wato A, B, AB da O, shi ake dubawa in za a yi ƙarin jini, ba ya faɗin komai game da sikila. Mutum yana iya zama A+ kuma AS, ko O+ kuma SS. Kusan kullum sai na yi wa wani wannan bayanin a bakin taga. Ke nan uban bai yi ƙarya ba, an gwada shi da gaske, gwajin ne ba na wannan tambayar ba.

Alƙalamin_Dare:
Wannan ita ce! Kati abu ne da ake riƙewa a hannu. Zuwaira ta ɗauko shi daga cikin tsofaffin takardun uban, ta kai wa malamar kimiyya ko ma'aikaciyar jinya da murnarta, a ce mata 'yata wannan ba shi ba ne.

Abu_Sadiq:
Wallahi yanzu na ciro nawa na duba. O+ kawai aka rubuta.

Nas_Hauwa:
To Malam, ka je ka ce jinotayif kake so, kuma ka tambayi wane iri za su yi. Akwai gwajin gaggawa da ke nuna akwai S ko babu kawai, ba ya bambanta AS da SS. Wanda ke rarrabewa shi ne elektiroforesis ko HPLC. Malama Rabi, ke ma ki kula da wannan a labarin: in an yi wa Habibu ƙarin jini kwanan nan, kar ki sa a gwada shi a makon ya fito SS tsaf. Jinin da aka ƙara masa zai nuna A, sakamakon ya yi kama da AS. Akan jira kamar wata uku.

Matashi_Faruk:
Ni shekarata sha tara, SS ne. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Kowa yana maganar Kaka da uba da kati, Habibu fa? A labaran da ake rubutawa a kanmu, aikinmu kawai mu kwanta mu yi kuka, wasu su koyi darasi, ƙarshe mu mutu. Anti Rabi don Allah kar ki kashe shi. Ki ba shi abin da yake so, ko ƙwallo yake kallo, ko zane yake yi, ko ma ya cika tsokana. Kuma ki sa shi ya yi tambayar da na yi wa mahaifiyata ina shekara goma: me ya sa ni, ban da yayana? Amsar da ta fi min amfani ita ce da aka nuna min ba wanda ya zaɓa, ba ita ba, ba babana ba. Ina shan maganin haidiroksiyuriya, ina shan ruwa sosai, ina kiyaye sanyi, ina zuwa asibiti a kan lokaci, tashin ciwon ya ragu ƙwarai. Ina karatu kamar kowa.

Ummu_Khairat:
Allah ya ƙara maka lafiya ɗana. Zan karanta wa 'yata wannan.

Malama_Rabi:
Amin. Faruk, Habibu ba zai mutu ba, na yi maka alkawari. Tambayarka kuma ta ba ni wurin da nake nema. Ga abin da na rubuta yanzu:

"Zuwaira ta yanka takarda gida huɗu, ta rubuta A a biyu, S a biyu. Ta ba Abba A da S, ta ba Umma A da S, ta ce kowa ya dunƙule ɗaya a kowane hannu ya kai baya. 'Habibu, taɓa hannu ɗaya na Abba, ɗaya na Umma.' Ya taɓa. A da S. 'Sake.' A da A. Ya yi dariya ya ce saura Nura. A karo na biyar aka buɗe, S da S. Habibu ya dubi takardun, ya dubi Abba. 'Kai ka san wadda ke hannun da na taɓa?' Abba ya ce, 'Ban sani ba.' 'Umma fa?' Ta girgiza kai. Kaka tana kan tabarma, ta miƙo hannu ta ce a ba ta nata biyun."

Alƙalamin_Dare:
Ki bar shi haka, kar ki ƙara bayani a bayansa. Amma "ya ce saura Nura" ta rikitar da ni, sai ka ce kowane zagaye ɗa guda ne a jere. Abin da Malama Jummai ta hana ke nan. Ki cire, ko kuma ki sa S da S ta fito sau biyu a jere don yaro ya ga tana iya maimaituwa.

Ɗan_Bello:
To wai tun asali me ya kawo S ɗin? Na ji an ce masu sikila ba sa yin maleriya, gaskiya ne?

Nas_Hauwa:
Rabin zancen ka ji, kuma rabin da ya ɓace yana da haɗari. Masu AS ne ke da kariya daga maleriya mai tsanani, musamman suna yara, su ma ba wai ba ta kama su ba ne. Wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Shi ya sa S ta yawaita a yankunan da maleriya ta daɗe, a Afirka da Indiya da ƙasashen Larabawa da gefen Bahar Rum: yara masu AS sun fi tsira su girma su haihu. Mai SS kuwa maleriya tana iya kayar da shi cikin kwana ɗaya, domin jininsa dama a ƙarance yake. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna kai kwana 120, nasa kwana 10 zuwa 20 suke yi su lalace.

Hajiya_Binta:
Malama Rabi, ga amsar tsoronki na ɗora wa tsohuwa laifi. Abin da ta miƙa wa ɗanta wataƙila shi ne ya raya ta tana ƙarama, lokacin da zazzaɓi ke ɗauke sa'o'inta. In Zuwaira ta faɗa mata wannan, ba ta tashi da kunya kaɗai ba.

Sani_Injiniya:
Ni dai ina ganin an yi wa Kaka sauƙi da yawa. Shekara tara tana soka wa matar ɗanta magana. Ta nemi gafara a fili, in ba haka ba yaran da iyayensu mata ke shan irin wannan za su ji an share zancen.

Alƙalamin_Dare:
Tsohuwa irin wannan ba za ta furta ba, Malam Sani. In kika sa ta furta, Malama, masu karatu ba za su yarda ba. Ta karɓi tawul ɗin daga hannun Umma, ya isa.

Ummu_Khairat:
Bai isa ba. Wanda bai sha ba ne zai ce ya isa.

Jummai_Lab:
Wannan na bar muku. Abu ɗaya ya rage da ba wanda ya taɓo: ita Zuwaira fa? Tunda mun san ba SS ba ce, hanyoyi uku suka rage mata, kuma biyu daga ciki AS ne. Damar ta zama AS biyu cikin uku ce, ba rabi ba, haka ma Nura. Mai karatu ɗan shekara sha biyar a nan zai ga kansa. In ta fito AS, a gaya mata gaskiya: ba ta da ciwon, ba zai rikiɗe ya zama SS ba, sai dai ta kula da shan ruwa in tana motsa jiki mai tsanani cikin zafi. Kuma ba AS kaɗai za ta duba a wurin wanda za ta aura ba, akwai AC, C ɗin ma wani irin himogulobin ne daban. S da C in sun haɗu, SC ma nau'in sikila ne.

Malama_Rabi:
Ina tunanin in tsaya tana riƙe da takardar sakamakon ba ta buɗe ba. Ko hakan zai zama gudun tambaya?

Matashi_Faruk:
Ta buɗe, Anti. Mu ma an buɗe mana namu.

Alƙalamin_Dare:
Ni na fi son a rufe. Kowane yaro ya tafi da tambayar gida.

Nas_Hauwa:
Ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba, ki gyara min wurin jaririyar. Watanta nawa? In uku ne ko huɗu, kar wani a labarin ya ce ga ta ɓul-ɓul, ta tsira. A watannin farko jariri yana tafiya ne da irin himogulobin ɗin da ya fito da shi daga ciki, wanda ba ya sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar yadda na sikila ke yi, sai wajen wata biyar zuwa shida yake raguwa alamun su fara. Ido ba zai gaya miki ba, sai gwaji, kuma ana iya yi tun tana 'yar kwanaki da ɗigon jini daga diddige. In SS ce ana fara mata fenisilin tun tana wata biyu zuwa uku tare da alluran rigakafi, kafin ciwon ya nuna kansa. Don haka ranar da za su tafi gwajin gaba ɗaya, Umma ta goyo ta su tafi da ita.